Sunan da Baba Ya Rubuta a Ƙasa

Ranar da aka haifi 'yata, Baba ya kira ni zaure bayan la'asar. Mu mutanen Wurno ne, ni kuma malamin aikin gona ne a makarantar sakandare. A wancan lokaci ina ji da kaina ƙwarai, gani nake babu abin da zai gagare ni muddin wani ya taɓa rubuta shi a littafi. Na same shi zaune a kan buzunsa, ya ajiye carbi gefe, abin da ba ya yi sai magana mai nauyi ta taso.

Murnar gidanmu a ranar a rufe take. Kafin wannan yarinya mun binne biyu, duka maza, babu wanda ya kai ranar suna. Saboda haka matata ba ta ɗinka ko riga ɗaya ba, ni ma ban sayi rago ba. Ba mu taɓa zama mun shirya hakan ba, kowa dai tsoro ne ya riƙe masa hannu. Na yi wa jaririyar kiran salla a kunne, suna kuwa Baba ya aiko a ce in dakata.

Ya ce, “Ɗiyag ga, sunan mahaihiyata nika so a sa mata.”

Na ce to, Allah ya raya. Sai da na faɗa na tuna ban san sunan ba. Na ce, “Baba, mi as sunan?”

Ya ce, “Abin da yas sa nik kira ka ke nan. Ban san shi ba.”

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai yi mamakin mutum mai shekara saba'in da ɗori bai san sunan uwarsa ba. Ni ban yi ba. Ta rasu bai cika shekara huɗu ba, gwaggonsa ta ɗauke shi ta raine shi. Babu mai kiran sunan uwa a gaban ɗanta, sai dai a ce mahaifiyarka, ko marigayiya. Shi kuma kunya ba ta bar shi ya tambaya ba. Da ya girma har ya ga zai iya daurewa ya buɗe baki, duk waɗanda suka sani sun riga mu gidan gaskiya. Sau ɗaya tak, yana yaro, ya ji gwaggo tana daka tana hira da wata baƙuwa, ta ambaci wani suna, da ta hange shi ta yi shiru. Ya riƙe wannan kalma shekara saba'in bai taɓa fitar da ita daga bakinsa ba.

A ranar ma bai fitar ba. Ya share ƙasar zauren da tafin hannu, ya rubuta da ɗan yatsa cikin ajami, har da wasulla, ya jira na karanta, sannan ya shafe. Ni jika ne, tsakanina da ita wasa ne, don haka ni zan iya faɗa. Abin da ya rubuta shi ne Jiddere.

Ya ce bai taɓa jin mai irin sunan ba, bai san ma'anarsa ba, bai kuma san ko suna ne da za a yanka rago a kai ba. In gano masa. Idan laƙabi ne, in nemo sunan yankan. Abu ɗaya ya ƙara mini: daga wajen garin Rara aka kawo ta. Saura kwana shida suna.

Na ce masa wannan ai aikin yini ɗaya ne. Har yau idan na tuna wannan magana sai in ji kunya ta kama ni.

Washegari na shiga ɗakin karatun makarantarmu na sauko da babban ƙamus na Hausa, tsohon nan mai nauyi da babu mai taɓawa sai gizo-gizo. Wayon da na yi guda ɗaya ne: na rubuta sunan ta duk hanyar da baki zai iya karkatar da shi, Jiddere, Jidere, Jiddare, Giddere, domin kalmar da yaro ya ji daga bayan turmi ba a rantsuwa a kan kowane harafinta. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na sami jido, na sami wasu masu kama, amma ita babu. Na duba ƙaramin ƙamus na zamani, nan ma babu. Na buga a waya, ta nuna mini wasu mutane can gabas masu irin sunan, ba ta ce komai a kan ma'ana ba.

Daga nan na ce ai Larabci ne. Na ari ƙamus wurin malamin Larabcinmu, ya nuna mini yadda ake yi, wato a tuɓe wa kalma wasulla a nemi tushenta. Baƙaƙe uku suka rage, jim da dal da ra. Ina buɗe wurin idona ya faɗa kan kalmar da ke nufin wadda ta cancanta. Ban ko ƙarasa shafin ba na rufe. Na hau babur na je na gaya wa Baba cewa sunan mahaifiyarsa Macancanciya. Fuskarsa ta yi haske, ya sa mini albarka, ni kuma na karɓa kamar na ci.

Limamin unguwarmu ne ya sauke ni, domin shi zai raɗa suna, dole in kai masa. Tsoho ne mai sanyin magana da ba ya barin kuskure ya wuce ta gabansa. Ya sa aka ɗauko nasa ƙamus, ya buɗe wannan tushe, ya ce in karanta har ƙasa. A wurin akwai wadda ta cancanta, akwai katanga, akwai kuma cutar agana.

Ya ce, “Malam, ukku na ga su nan. Mi yas sa kaz zaɓi ta hwarko?”

Na sake bin shafin da yatsa.

Ya ce, “Don ta hi daɗi. Kama da wane ba ta wane. Wanga dal naka biyu na, na littahi guda na, ƙarshen kalma kuma bai yi kama da Larabci ba. Kai da kunnenka, ba ka ji Hillanci ciki ba?”

Na ji haushi sosai, kuma haushin kaina ne. A Wurno aka haife ni, kullum masu nono suna wucewa ta ƙofar gidanmu, amma na tsallake su na tafi ƙasar Larabawa neman abin da yake bakin ƙofa. Ban koma wurin Baba na gyara ba, ban iya ba. Na bar shi da Macancanciyarsa.

Kwana na uku na nufi Rabah. An kwatanta mini wani tsohon malami da ya yi shekaru yana koyar da 'ya'yan makiyaya kafin ya yi ritaya, Bafillace ne, an ce yana da littattafai. Lokacin kaka ne, ko'ina an jingine damman gero a bakin hanya. Na same shi yana gyaran darni. Da na faɗi sunan sai hannunsa ya tsaya, ya dube ni. Ya shiga ya fito da ƙamus na Fillanci da aka ɗaure da tsumma, ya ce in nema da kaina, don kada gobe in ce shi ya faɗa. Ya nuna mini cewa wannan ƙarshe na “re” yana da yawa a sunayen abubuwa a harshensu, kamar a kalmar kai da ta ido da ta dutse. Na bi haruffa da yatsa har na iso. Ga ta nan ɓaro-ɓaro, dal biyu, babu ragi babu ƙari. Ma'anarta juji, inda ake zubar da shara.

Na karanta sau uku ko za ta canza. Mutumin da ya ɓoye kalma a ƙirjinsa shekara saba'in kamar zinariya, ni zan je in ce masa juji ya ɓoye.

Malamin ya ce kada in yi sauri ta wannan gefen ma. Na farko, ƙamus ɗin Fillancin gabas aka tattara a cikinsa, sai na tabbatar haka kalmar take a bakin namu Fulanin. Shi ya san amsa, amma shi mutum ɗaya ne, kuma ya karanta littafin. Na biyu, ƙamus yana faɗin abin da kalma take nufi, ba ya faɗin dalilin da ya sa aka liƙa wa mutum ita. Ya lissafa mini hanya uku. Ko zagi ne da ya bi ta. Ko tsintar ta aka yi a juji, ba a san iyayenta ba. Ko kuma irin abin nan ne da Hausawa ke yi wa ɗan wabi, su kira shi Ajuji. Ya ce duk wanda ya zaɓar mini ɗaya daga zaune, shi ma ƙarya yake.

Sannan ya ba ni wata doka da har yau nake amfani da ita ko a aji. Ya ce, “In ka ishe tsohuwa, kak ka ba ta amsa cikin tambaya. Kak ka ce shin don kaza anka sa mata. Tsohuwa tana son baƙo shi tahi da murna, duk abin da kak kawo shi za ta maishe maka. Hwaɗi sunan, ka yi kurum.”

Na ci sa'a ranar kasuwar garin Gandi ce. Na je layin masu nono, na sayi fura, na tambayi mata uku, kowace daban, yadda ake ce wa wurin zubar da shara da Fillanci. Ta farko da ta biyu suka ba ni kalmar nan take. Ta ukun ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ɗan boko ya ƙare karatu ya koma tambayar juji, sannan ita ma ta faɗa. Ƙamus bai yi ƙarya ba. Na koma gida da hanya ta biyu tana ci mini rai, wato tsintuwa. Idan ita ce, to babu sunan yanka da zan samo, babu dangi, kuma ban san da wane baki zan gaya wa Baba ba.

Kwana na huɗu na isa Rara da hantsi. Da ɗan gari akan ci gari, don haka na fara da mai unguwa, na gabatar da kaina da sunan kakana na wajen uba da shekarun da nake zato. Shi bai san komai ba, amma ya san wadda ta fi kowa daɗewa a duniya a unguwar. Ya raka ni da kansa. Tsohuwa ce ƙarama, idonta ya tafi, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar wake da hannun da bai manta aiki ba. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Na ce, “Iya, wani suna niz zo tambaya.” Na faɗa, na kuma kama bakina kamar yadda aka koya mini.

Waken ya zube daga hannunta. Ta juyo da fuska wajen da muryata take, ta ce, “Wa ak ka da Adda?”

Adda yaya ce da Fillanci. Na ce ni jikanta ne. Ta ce in matso. Ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta ce hancin nan nasu ne, sauran kuwa ban yi sa'a ba. Ta yi dariya, sai kuma hawaye. Kwana huɗu ina bin kalma a takarda, ga wadda ta ci tuwo ƙwarya ɗaya da mai kalmar.

Ga abin da ta ba ni, ban tambaye ta dalili ba, ita ta kawo shi. Mahaifin kakata malami ne, matarsa Bafillatana. Duk ɗan da ta haifa ba ya zama, har bakwai, in ji tsohuwar. Da aka haifi wannan, tsofaffin mata suka haɗa baki. Da sassafe, malam yana masallaci, suka naɗe jaririyar a tsumma, suka sa ta a ƙwarya, suka kai ta kan jujin bayan gida suka ajiye, suka juya baya kamar ba su so. Uwar tana ɗaki an hana ta ko leƙowa. Nufinsu duk abin da ke ɗauke 'ya'yan nan ya ga wannan yasasshiya ce, ba ta da mai so, ya wuce. An riga an shirya da maƙwabciya mai 'ya'ya rayayyu. Ta fito kamar za ta zubar da toka, ta ce yau ta yi tsintuwa, ta ɗauke ta ta kai ɗakinta ta ba ta nono, sai bayan kwanaki ta mayar. Wannan maƙwabciya ita ce mahaifiyar tsohuwar da ke gabana.

Ta ce, “Ba a haihe ni ba lokacin, kak ka ce na gani. Innata ta ba ni labari, ba sau guda ba. Amma Adda ita tag goye ni. Ranar da anka kai ta Wurno ni nab bi jaki ina kuka.”

Na ji daɗin wannan rarrabewa da ta yi da kanta, abin da ta gani daban, abin da aka gaya mata daban, haka na rubuta su a littafina. Sai na tambayi sunan yanka. Ta daɗe tana tunani, ta ce ba ta taɓa ji ba. Ai dabarar ke nan, a ɓoye na gaskiyar a bar na jujin a waje, har ya zama babu mai tunawa. Malam dai ya yi faɗa da ya ji abin da mata suka yi, ya ce rai da ajali na Allah ne, amma bai hana su kiran sunan ba. Ta ce shi mutum ne mai rubuta komai. Ya rasu tun kafin a aurar da Adda, kuma da yake bai bar ɗa namiji ba, ƙanensa ya kwashe littattafan ya tafi da su Goronyo.

Da na dawo na shiga wurin matata. Tana zaune da jaririya a cinya, ba ta ko son a daɗe ana kallon ta. Na ba ta labarin ƙwarya da juji, ina ɗan murmushi irin na wanda ya yi boko, na ce kin ji camfin mutanen da. Ba ta yi murmushi ba. Ta ce, “Da an ce mini in yi, ranar haihuwar na biyun nan, da na yi.” Na tashi na fita.

Yanzu ina da ƙamus, ina da bakin tsohuwa, sun kuma dace. Amma shaidar ji ce daga mutum ɗaya, sunan da Baba ke nema kuwa babu. Kwana na biyar na tafi Goronyo, na yini ina tambaya daga wannan zaure zuwa wancan, ina ambaton malamin Rara da ƙanensa. Matambayi ba ya ɓata, amma yana shan rana. Sai yamma aka haɗa ni da jikan ƙanen, wani dattijo mai fataucin albasa wanda kuma yake da karatu. Ya saurare ni, ya yi mini tambayoyin da suka gamsar da shi cewa ni jini ne, ya ce in dawo da safe, ba a buɗe waɗannan takardu sai da haske.

Da safe ya shimfiɗa sabuwar tabarma, ya sa na wanke hannu na shanya su sarai. Ya fito da gafaka huɗu na fata, sun yi baƙi don tsufa. Takardun ciki ba a ɗinke suke ba, ba su kuma da lamba. A ƙasan kowane shafi an rubuta kalmar da za ta fara na gaba, da ita ake gane jeri, saboda haka ya ce kada in ɗaga ko ɗaya, shi zai juya, ni in duba. Gara ta ci gefen wasu. Kafin mu nemi komai sai da ya kai ni ƙarshen wani littafin fiƙihu, inda mai kwafe ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da garinsa. Sunan ya dace da wanda tsohuwar Rara ta ba ni. Ya ce in kalli hannun da kyau, yadda yake jan wutsiyar harafi, domin gafakan nan hannun mutum uku ne a ciki, kada mu ɗauki 'ya'yan wani mu ba wani.

A gafaka ta uku muka same shi, a bayan takardar ƙarshe, inda malaman da suke ajiye abin da ya shafi gidansu. Hannun nan ne dai, da tawada ja-ja da ta koɗe. Larabcina bai kai ba, dattijon ya riƙa karantawa yana fassara mini. An haifa mini ɗa namiji ranar kaza ga watan kaza, na sa masa suna kaza. A ƙasa, da wata tawadar da ta fi duhu, alamar daga baya aka ƙara: ya rasu, Allah ya sa mai ceto ne. Sai na biyu, haka. Na uku mace, haka. Na huɗu, haka. Huɗu ne, ba bakwai ba. Shekaru da tausayi sun ƙara wa tsohuwa uku, ban kuma ga laifinta ba.

Sai na biyar. An haifa mini 'ya mace, na sa mata suna, ga sunan nan a rubuce. A gefensa da ƙananan haruffa, cikin ajami da wasulla don kada a yi kuskure: mata suna kiran ta Jiddere, Allah shi ne mai rayawa. Wannan ɗan layi shi ne igiyar da ta ɗaure komai. Ba don shi ba, da na sami suna a takarda ban san ko nata ne ba.

Ina shirin ɗaukar hoto da waya sai na lura da abin da ke ƙasan sunanta. Babu komai. Fili ne kamar faɗin yatsa biyu, daidai wanda layin rasuwa ya ci a ƙarƙashin sauran huɗun, sannan can ƙasa addu'ar rufewa. Takarda ba ta faɗi abin da ke zuciyarsa ba, ni ma ba zan rantse ba. Abin da idona ya gani shi ne mutum ya rubuta haihuwar 'yarsa, ya bar wurin da zai rubuta mutuwarta, ya zauna yana jira, wurin kuma bai cika ba har shi ya tafi. Daga wannan fili Baba ya fito, da ni, da 'yan'uwana tara, da jaririyar da na baro a Wurno. Na zauna a kan tabarmar nan ina jin girman Allah kamar ban taɓa jin sa ba. Dattijon ya bar ni har na dawo hayyacina.

Na iso gida da la'asar, gobe suna. Baba yana zaure. Na durƙusa na fara da abin da ya fi wuya, na ce maganar Larabcin nan kuskurena ne, gaggawa ce ta ja ni. Na gaya masa ma'anar gaskiya. Na ga fuskarsa ta motsa, don haka ban tsaya ba, na bi da labarin Rara, na ce masa wannan ƙamus ne ya faɗa, wannan tsohuwa ta gani, wannan ji ta yi, wannan kuma takarda ce. Da na zo kan ƙwarya da maƙwabciya ya ce, “Ashe so na.” Na ce so ne, Baba.

Sunan yankan ban faɗa masa da baki ba. Na buɗe hoton, na faɗaɗa shi da yatsu, na miƙa masa. Ya sa tabarau ya kai wayar kusa da ido. Na ga leɓɓansa sun motsa, sauti bai fito ba. Suna ne sananne, akwai masu shi a kowace unguwa, ya sha jin ana kiran sa a hanya tun yana yaro bai san na uwarsa ne ke wucewa ba.

Sai ya sa yatsa a kan farin wurin ya ce, “Nan hwa?”

Na gaya masa abin da na gani da abin da nake zato. Ya gyaɗa kai. Ya cire tabarau ya dube ni ya ce, “Ka sai rago?”

Na ce tukuna.

Ya ce, “Kai ma hili kab bari ke nan.”

Maganar ta shige ni har ƙashi, domin gaskiya ce. Na yi wa matan Rara dariya, na tausaya wa malam, alhali abin da suka yi shi nake yi, nawa ma ko dabara babu, tsoro ne tsirara. Na tashi a lokacin na je wurin mai kiwo a bayan gari, na jawo rago fari mai ƙaho na ɗaure a tsakar gida inda matata za ta gan shi daga ɗaki. Ta leƙo ta gani. Jim kaɗan na ji tana aika wa ƙanwarta a kira tela.

Da safe aka taru a ƙofar gida, aka raba goro da dabino. Na raɗa wa liman sunan a kunne, ya yi murmushi ya ce wannan kam ba sai an buɗe ƙamus ba. Da aka yi addu'a aka ɗaga murya aka faɗa wa jama'a, Baba ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har aka shafa. Wannan raɗa da na yi wa liman ita ce karo ɗaya tak da sunan ya fita daga bakina, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Na jujin na iya faɗa don wasan jika ne. Wannan kuwa na uwar Baba ne, a gidanmu ba a kiran sa.

Bayan mutane sun watse aka kawo masa jaririyar zaure, an yi mata aski, tana cikin sabuwar riga da ta yi mata yawa. Ya karɓe ta da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon ta, sannan a hankali ya ce, “Inna, kin daɗe.”

Tun kafin ya cika shekara huɗu bai sake kiran kowa da wannan kalma ba. Bana Inna ta shiga aji biyu, ba ta jin magana, kuma ita kaɗai ce ke cire wa Baba hula ya ƙyale.